Filash ɗin da sai an karkata masa wuya

Saura kwana tara ƙanwata ta miƙa kundin bincikenta na shekarar ƙarshe a jami'a ta kira ni da daddare. "Yaya, filash ɗina ya fara gardama," ta ce. "Sai na ɗan danna shi sama yake kawowa." Washegari da na je gida na same ta zaune a kan darduma, laftof a kan matashin kujera, ta ninke takarda ta cusa a ƙarƙashin filash ɗin don ta tokare shi. A haka ta shafe kusan mako uku tana aiki. Ta buɗe babi, ta gyara, ta adana, idan takardar ta goce kwamfuta ta yi 'yar ƙararta ta cirewa, sai ta gyara zaman takardar ta ci gaba. Da na tambaye ta ko tana da kwafin aikin a wani wuri, sai ta kalle ni ta yi shiru.

Duk wanda ya daɗe yana amfani da filash ya san wannan ciwon, kuma tambaya ɗaya ce take fara zuwa zuciya: abin da ke ciki yana nan ko ya tafi? Amsar a yawancin lokuta mai daɗi ce. Filash ɗin da ke kawowa idan an motsa shi ya riga ya ba da shaida da kansa cewa ma'ajiyarsa tana da rai, hanyar zuwa gare ta ce ta tsinke. Sai dai wannan motsawar da ke sa shi aiki ita ce kuma take ƙarasa shi, kuma tana iya ɓata abin da ke ciki ta wata hanya da mutane ba su cika lura da ita ba.

Kafin a gane wannan sai an leƙa cikinsa. Idan aka ɓare robar filash irin na gargajiya, za a ga ɗan siririn allo, galibi kore, wanda masu gyaran waya ke kira fanel. A kansa akwai ayisi guda biyu masu muhimmanci. Babban baƙin, mai kusurwa huɗu, shi ne ma'ajiya, a cikinsa hotuna da takardu suke kwance, kuma ba ya buƙatar wuta don ya riƙe su. Irin wannan ma'ajiyar injiniyoyin kamfanin Toshiba na Japan ne suka fito da ita a 1987, ƙarƙashin jagorancin Fujio Masuoka. Ƙaramin kuwa shi ne kwantirola, wato mai tsaron rumbu: shi ke magana da kwamfuta, shi kaɗai ya san inda ya ajiye kowane guntun fayil. Sai kuma bakin ƙarfen da ake cusawa a kwamfuta. Bakin nan ba ya ajiye komai, ƙofa ce kawai.

Leƙa cikin bakin za ka ga layuka huɗu masu ruwan zinariya a kan harshen roba. Biyun gefe na wuta ne, ɗaya ya kawo bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ya mayar. Biyun tsakiya su ne ke ɗaukar bayanai. Idan ka ƙura ido za ka ga na gefen sun ɗan fi tsawo, an yi haka ne da gangan don wuta ta riga bayanai shiga. Filash mai shuɗin harshe, wato na tsarin USB 3.0 da ya fito a 2008, yana da ƙarin ƙafafu biyar can ciki, amma huɗun nan na asali suna nan a jikinsa. Kowane layi yana fita ta bayan bakin a matsayin siririyar ƙafa, an liƙa ta a jikin fanel da ɗigon dalma wanda bai kai ƙwayar gero ba. A gefe akwai kunnuwa biyu na ƙarfe da ke riƙe bakin a jikin fanel. Iyakar abin da ya haɗa ƙofa da rumbu ke nan.

To yi tunanin filash a jikin laftof. Baki ya shige ya kafe, sauran jikin ya miƙo waje kamar reshe. Gwiwa ta buge shi, ko a ɗaga laftof a jingina shi da kujera, ko a jefa shi cikin jaka ba a zare filash ba, duk ƙarfin bugun a wuyansa yake sauka, daidai inda ɗigon dalmar nan huɗu suke. Dalma ba ta son lanƙwasa. Tana yin tsaga siririya da ido ba ya gani. Idan filash yana zaune daidai, tsagar a buɗe take, wuta ko bayanai ba sa wucewa. Da an karkata shi sai leɓɓan tsagar su haɗu, ya kawo. Na ƙanwata ɗanta ne mai rarrafe ya dafa shi zai miƙe tsaye.

Ba kullum ne laifin na filash ba

Kafin na zargi filash ɗinta sai da na gwada abu biyu, kuma kowa zai iya gwada su cikin minti biyu. Na zare shi na sa a ɗaya ramin laftof ɗin, sannan na sa shi a tawa kwamfutar. Duk inda ya je halinsa ɗaya, sai an ɗaga masa wuya. Na kuma ɗauki nawa filash mai lafiya na sa a ramin da take amfani da shi, ya kawo nan take, na taɓa shi bai yanke ba. Ciwon ya bi filash, bai zauna a rami ba.

Da akasin haka aka samu, da magana ta ƙare da sauƙi. Ramin kwamfuta shi ma yana tsufa. A cikinsa ne 'yan tausassun ƙarafan da ke danna layukan filash suke, da wasu da ke matse bakin don kada ya yi lako-lako, kuma yawan sawa da zarewa yana kashe musu ƙarfi. Ƙa'idar da masu ƙera wannan babban bakin ke bi ita ce ya jure sawa da zarewa aƙalla sau 1,500. Lissafa kwamfutar shagon buga takardu da ke bakin makaranta, wadda ɗalibai ashirin ko talatin ke cusa wa filash a rana: cikin 'yan watanni ta wuce wannan adadin. Haka ramin rediyon mota, inda filash ke girgiza a kowane gargada. Idan filash ɗinka yana gardama a wuri ɗaya kawai amma lafiya lau a wasu wurare, bar shi, ba shi da laifi.

Akwai kuma datti. Ƙurar hunturu, zaren aljihu, ɓurɓushin gyaɗa a jaka, duk suna taruwa a cikin baki su danƙare a can ƙarshe har ya kasa shiga sosai, ko layukan su yi dusu-dusu. Haska fitilar waya ka duba. Tsinken sakace na itace da ɗan auduga da aka ɗiga wa sifirit sun isa su share shi, a bari ya bushe sarai kafin a sa. Kada a sa allura ko wani ƙarfe, musamman a ramin kwamfutar da ke kunne, don akwai wuta a ciki. Haka nan a duba ƙarfen bakin: idan an taka shi ya lotse, ko ya buɗe, ba zai zauna daidai ba.

Alamar da ta fi tabbatar da karayar wuya ita ce ta hannu. Riƙe jikin filash da yatsu biyu, ka taɓa bakin a hankali, a hankali fa. Lafiyayye ba ya motsi ko kaɗan. Na ƙanwata yana rawa kamar haƙorin yaro mai shirin faɗuwa, kuma idan aka ɗora shi a kan tebur aka dube shi ta gefe, bakin ya ɗan sunkuya ƙasa.

Kwamfuta ma tana ba da nata bayanin. Idan ƙafar wuta ce ta tsage, filash yakan yi tsit, ko fitilarsa ba ta kamawa. Idan ta bayanai ce, fitila na iya kamawa amma kwamfuta ta yi kamar ba a sa komai ba, ko ta ji an sa wani abu amma ta kasa fahimtarsa, sai Windows ta rubuto `USB device not recognized`. Ita kuwa ƙarar shiga da fita da ke maimaita kanta ba tare da an taɓa komai ba, tsaga ce da ke haɗuwa tana rabuwa.

Inda ainihin hatsarin yake

Abin da ya tayar mini da hankali ba tsagar ba ce, makonni ukun da ta yi tana adana aiki ta cikin tsagar ne. Yankewa a lokacin da ake karanta fayil daga filash ba ta cika yin ɓarna ba, kwafin ne zai tsaya, a sake. Yankewa a lokacin da ake rubutawa a cikinsa ita ce masifa.

Dalilin shi ne adana fayil ba aiki ɗaya ba ne. Kwamfuta za ta zuba abin da ke cikin fayil ɗin, sannan ta je ta gyara rajistar da ke nuna sunansa, girmansa, da wuraren da guntayensa suke. Yawancin filash suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, kuma waɗannan biyun ba su da littafin ko-ta-kwana da za su koma su duba inda aiki ya tsaya. Idan hanya ta yanke tsakanin zubawa da gyaran rajista, sai a wayi gari da fayil mai suna amma babu komai a ciki, ko folda mai sunaye kamar rubutun aljanu. Idan yankewar ta faɗa a kan muhimmin sashen rajistar, Windows za ta kasa gane tsarin gaba ɗaya.

A ƙarƙashin wannan akwai wata rajistar ta biyu da kwamfuta ma ba ta gani. Kwantirola ba ya ajiye bayanai a jere, yana warwatsa su a cikin ma'ajiya don kada wani sashe ya riga wani lalacewa, yana kuma riƙe da taswirarsa ta kansa. Idan wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar gyara wannan taswirar, zai iya ruɗewa. Daga nan filash mai giga 16 sai ya koma nuna babu komai a cikinsa, kuma liƙa dalma ba za ta dawo da shi ba. Ba kowace yankewa ce ke kai ga haka ba, amma wanda ke yankewa sau goma a rana caca yake yi sau goma.

Mutane da yawa suna cewa ai ni ban adana komai ba, buɗewa kawai na yi. Buɗe takarda da Word kai tsaye daga filash rubutu ne, domin manhajar tana ƙirƙirar wani ɓoyayyen ɗan fayil mai farawa da `~$` a cikin foldar da takardar take. Saboda haka a wannan hali ba a buɗe komai daga filash, kwafewa ake yi zuwa kwamfuta, a buɗe kwafin.

Sai kuma ɓarnar da ake yi wa fanel ɗin kansa. Kowace ƙafa tana zaune ne a kan ɗan faifan tagulla mai kaurin fatar albasa da aka manna a jikin fanel. Tsagar dalma gyaranta minti biyar ne. Amma idan aka ci gaba da lanƙwasawa, faifan tagullar ne zai ɓamɓaro, wani lokaci ya ja siririn layin da ke tafiya zuwa kwantirola ya tsinke shi. Gyaran da yaron shago zai yi ya koma na ƙwararre mai madubin ƙara girma.

Yadda muka kwashe abin da ya samu

Na ɗauka cewa sawa ɗaya ta rage mini, na shirya komai kafin na sa shi. Na sauke laftof daga matashi zuwa tebur, na jona caji, na buɗe sabuwar folda a kwamfutar. Maimakon na cusa filash a jikin laftof, na yi amfani da 'yar gajeriyar wayar ƙari, mai rami a kai ɗaya da baki a ɗaya kan. Amfaninta shi ne filash zai kwanta a kan tebur, nauyinsa ba ya rataye a wuyansa, motsin laftof kuma ba ya kai masa. Na nemi kusurwar da yake kawowa da mafi ƙarancin dannawa, na tokare shi da magogin fensir, na ɗaure da salatif a jikin tebur, na ce kada wanda ya taɓa teburin. Hannun mutum ba ya iya tsayawa cak na minti biyar, salatif yana iyawa.

Sai na tambaye ta, "A cikin nan me ba za ki iya rasawa ba?" Wannan tambayar ce ta fi komai amfani a ranar. Filash ɗin na giga 16 ne, akwai kaya kusan giga 5 a ciki, amma foldar bincikenta ba ta wuce mega 40 ba. Sauran hotunan biki ne da karatuttuka. Filash irin nata yana bayar da wajen mega 20 a daƙiƙa idan ya samu lafiya, wato binciken zai fita cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma kwashe komai zai ci fiye da minti huɗu, ya ma wuce haka idan fayilolin ƙanana ne masu yawa. Wanda ya zaɓi komai gaba ɗaya ya ce a kwafa, kwamfuta ce za ta zaɓar masa abin da zai fara fita, kuma tana iya farawa da bidiyon kamu. Binciken muka fara ɗauka, ya fita lafiya. A kula kuma, kwafewa ake yi ba yankowa ba, domin yankowa tana goge na asali, gogewa kuwa rubutu ne.

Don hotunan na yi amfani da wani umarni da ke cikin Windows tun asali, ana rubuta shi a `Command Prompt`:

```
robocopy E:\Hotuna C:\ceto\Hotuna /E /R:1 /W:1
```

`E:` harafin da kwamfuta ta ba filash ne, a duba don yana iya canzawa idan ya yanke ya dawo. Kyawun umarnin shi ne idan fayil ya ƙi, sau ɗaya zai sake gwadawa ya wuce gaba, kuma idan aka sake ba da shi bayan yankewa, zai tsallake waɗanda suka riga suka fita ya ɗora daga sauran. Sau biyu ya yanke muka ɗora. A na uku fitilar ta mutu, na gyara magogin, na ɗan ƙara dannawa, shiru. Nan na tsaya. Zuciya tana raya wa mutum ya ƙara lanƙwasawa kaɗan, kuma a daidai wannan gaɓar ce ake ɓamɓare tagulla.

A teburin mai gyara

Ba wajen mai gyaran kwamfuta na kai shi ba, wajen mai gyaran waya na je, irin waɗanda suka saba aikin fanel a ƙarƙashin madubi. A Kano irinsu suna da yawa a kasuwar waya ta Farm Centre, kowane babban gari ma ba ya rasa su. Abin da na fara faɗa masa shi ne ba filash ɗin nake so ba, abin da ke ciki nake so. Faɗin wannan yana da muhimmanci, don wani da ya ji filash ba ya aiki zai fara da fomatin ko sake masa manhajar kwantirola, ya miƙo maka shi yana aiki fes, babu komai a ciki.

Ya ɓare robar da bakin reza, ya ɗora a ƙarƙashin madubi, ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka." Kunnen ƙarfe ɗaya ya fita daga mazauninsa. Ƙafafu biyu sun tsage a dalma, tsagar kamar gashi. Ta uku, ta wuta, ta ɗago sama da faifan tagullarta manne a jiki. Ya sa mitarsa a ma'aunin da ke yin ƙara idan hanya a haɗe take, ya ɗora tsinke ɗaya a layin cikin baki, ɗaya a fanel, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce kawai ta yi ƙara ba tare da an danna ba.

Bai yi wahalar mayar da bakin ba. Ya cire shi gaba ɗaya, ya ɗauko tsohuwar wayar USB ya yanke, ya feɗe. A irin wannan wayar bisa al'ada ja ce ke kawo wuta, baƙa ke mayarwa, fara da koriya na bayanai ne, amma bai yarda da launi ba sai da ya auna kowace da mita. Ya ce wayoyin arha ba sa bin ƙa'ida, kuma idan aka juya wuta aka sa ta a inda ba nata ba, kwantirola na iya ƙonewa nan take. Uku ya liƙa su a mazauninsu. Ta huɗun da faifanta ya tashi, sai ya bi layin tagullar da ido zuwa inda ya nufa, ya kankare koren fentin da ke kansa kaɗan, ya liƙa siririyar waya a nan. Ko filash ɗin mai shuɗin harshe ne, in ji shi, wayoyin nan huɗu sun isa a karanta shi, sai dai a hankali zai tafi.

Muka jona a laftof, ya kawo. Na sake ba da umarnin nan, sauran hotunan suka fita. Duka aikin bai kai minti arba'in ba. Ya tambaya ko ya mayar da shi cikin robarsa, na ce a'a. Filash ɗin da aka yi wa wannan aikin ya gama hidimarsa.

Wani abu da ya roƙa na faɗa wa mutane: a daina ɗiga sufa gulu a wuyan filash. Gam ba ya ɗaukar wuta, yana gangarawa cikin tsagar ya raba abin da ke ɗan taɓa juna, sannan ya bar wa mai gyara aikin kankara.

Lokacin da labarin ya fi haka muni

Ba kowane filash ne ke da fanel da ƙafafu ba. 'Yan ƙananan nan sirara da ake maƙalawa a zoben makulli, da yawansu dunƙule ɗaya ne: ma'ajiya da kwantirola an narka su cikin baƙin ɓawo guda, layukan zinariyar a jikinsa suke. Irin wannan ba shi da dalmar da za ta tsage. Idan yana buƙatar motsi, sau da yawa dunƙulen ne ya zame baya a cikin gidansa, ko robar da ke tallafe shi ta karye, kuma gyara masa zama ya isa a kwashe kaya. Amma idan dunƙulen da kansa ya lanƙwashe ko ya tsage, tsagar tana iya ratsa ma'ajiyar, wannan kuwa babu gwanin da ke ɗinke ta.

Idan an gyara hanya, filash ya tsaya daram, sai a duba abin da kwamfuta ke gani. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta `diskmgmt.msc`. Idan filash ya fito da girmansa na gaskiya, mai giga 16 yakan nuna 14 da wani abu, to kwantirola da ma'ajiya suna lafiya, ko da an rubuta `RAW` a gefensa. Ma'anar wannan kalmar ita ce rajistar sama ce ta ruɗe, kayan suna nan. A wannan halin ne Windows ke fito da saƙon da ke farawa da `You need to format the disk`, kuma amsar ita ce `Cancel`. Haka nan kada a yi gaggawar amsa tayin `Scan and fix`, domin gyaran rubutu yake yi a kan rajistar da ake son ceto, yana iya yanke fayiloli ya tara su a wata folda mai suna `FOUND.000` ba sunaye. Akwai manhajojin kyauta irin su TestDisk da PhotoRec da ke tono fayiloli daga filash mai ruɗaɗɗiyar rajista. PhotoRec yana dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba, sai an zauna an buɗe ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka tono a kwamfuta ake zuba shi, ba a cikin filash ɗin ba. Kuma babu manhajar da ke aiki ta cikin tsagaggen wuya, don tonon yana karanta filash ne daga farko har ƙarshe ba yankewa. Sai an fara gyara hanya tukuna.

Idan kuwa abin da ya fito shi ne `No Media`, ko girman ya zama sifili, ko wani ɗan adadi da bai yi kama da na gaskiya ba, matsalar ta wuce baki ta kai ga kwantirola ko ma'ajiya. Haka idan filash yana yin zafi sosai cikin daƙiƙoƙi, ko ana jin ƙauri, a zare shi nan da nan, wuta ce ke haɗuwa a ciki. Abin da ya rage a nan shi ne a ɗaga ma'ajiyar daga fanel a karanta ta da na'ura ta musamman. Abin da ke fitowa ba fayiloli ba ne, tarkace ne da kwantirola ya cakuɗa ta hanyarsa, sai an san irin cakuɗawar wannan samfurin kafin a sake jera su. Aiki ne na kamfanonin ceto bayanai, kuɗinsa ya ninka na sabon filash sau da yawa, kuma idan filash ɗin irin wanda kwantirolansa ke kulle bayanai da kansa ne, ko an ɗaga ma'ajiyar ba za a karanta komai ba. Ba na ba kowa shawarar ya bari a sa wa ma'ajiyarsa iska mai zafi a shagon da ba su da na'urar karanta ta.

Mu ba mu kai can ba, amma ba mu tsira sarai ba. Da daddare ƙanwata ta buɗe kwafin babi-babi, huɗu suka buɗe, babi na huɗu ya ƙi, Word ya ce fayil ɗin ya lalace. Da muka duba girmansa bai kai rabin na sauran ba, kwanan watansa kuma na daren da ta kira ni ne. Adanawar ƙarshe ce ta yanke a tsakiya. Muka tona da PhotoRec, muka samo wani tsohon zubin babin na kwana shida baya, wanda babu jadawali biyu da shafi uku na sharhi a cikinsa. Alƙaluman jadawalin suna nan a littafinta na hannu. Ta ja darduma kusa da soket, ta ce mini, "Yaya, karanto mini lambobin, ni zan riƙa bugawa."